KWANA 52 KWANTENAR ALHAJI TANA APAPA

Jama'a, idan aka ce kwantenar wane ta maƙale a tashar jirgin ruwa, abin da muke fara kawowa a rai shi ne cin hanci, ko kuma sa hannun maƙiya. Ban ce babu masu neman na goro a harkar ba. Amma labarin wani maƙwabcina, ɗan kasuwar Sabon Gari a nan Kano, ya nuna mini yadda takarda da lokaci kaɗai suke iya durƙusar da mutum. Da izininsa nake rubuta wannan, sai dai ya ce kar in ambaci sunansa, don haka Alhaji kawai zan riƙa cewa.

Alhaji fanka mai caji yake sayarwa. Shekara da shekaru yana sara a hannun manyan diloli a Legas, sai bara ya ga lokaci ya yi da zai shigo da nasa. Ya sayar da fili, ya karɓi kuɗin abokan kasuwa biyu, ya tafi Guangzhou ya yi odar kwantena mai ƙafa arba'in. Kuɗin kaya da na jirgi da inshora suka tashi dala 40,000. Lissafinsa ba shi da laifi: kaya su iso a Janairu, su shigo Kano a farkon Fabrairu, zafi ya taso a Maris, ga azumi, ga rashin wuta. Duk wanda ya san Kano ya san fanka mai caji a wannan lokacin ba ta kwana a shago.

Jirgi ya iso Apapa ranar 22 ga Janairu, 2024. Yau kwana 52 ke nan, muna cikin azumi, kwantena tana nan inda aka sauke ta.

Ga wanda bai san harkar ba, fitar da kaya jerin takardu ne, kowace tana jiran ta gabanta. Kafin a loda kaya, mai shigo da su zai buɗe Fom M ta banki, inda ake rubuta irin kayan, yawansu da kuɗinsu. Bayan jirgi ya taso, kamfanin da ya sayar zai turo takardun ƙarshe: rasitin ciniki, jerin abin da ke cikin kwantena, da takardar lodi ta jirgi, wadda ita ce shaidar cewa kayan naka ne. Da waɗannan banki zai nema maka PAAR daga kwastan, wato rahoton da ke faɗin rukunin da kayanka suka faɗa da ƙimar da za a yi lissafin haraji a kai. Sai da PAAR ejan zai shigar da bayanai, a fitar da kuɗin fito, ka biya, a duba kaya, a sake su. Idan ɗaya ta tsaya, duk na bayanta sun tsaya.

Ta Alhaji ta tsaya tun a matakin farko. Akwai cikon dala 6,000 da bai biya masana'anta ba, su kuma suka riƙe takardar lodi har sai kuɗinsu ya shiga. Wannan ba zalunci ba ne, haka cinikin yake ko'ina. Shi dai ya ɗauka zai haɗa cikon kafin jirgi ya iso, sai dala ta yi tashin gwauron zabo a watan Janairu, nairar da ya ware ta kasa. Kafin ya cike giɓin, takardu su zo, PAAR ta fito, kwana goma sun wuce.

A ƙasar da kuɗinta yake zaune, kwana goma ba wani abu ba ne. A nan kuwa sun faɗo daidai lokacin da aka sauya farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin mutane da yawa ba su gane wannan wurin ba. Ba a ƙara wa fanka haraji ba. Kashi 20 cikin ɗari ne jiya, shi ne yau. Abin da ya canza shi ne farashin da ake juya dala zuwa naira kafin a cire kashi 20 ɗin, kuma Babban Banki ne ke bayar da shi. A Disamba 2023 yana wajen naira 951. Ranar 2 ga Fabrairu aka wayi gari ya koma 1,356.

Ku yi lissafin da kanku. Dala 40,000 a kan 951, kashi 20 ɗinta naira miliyan 7.6 ne. A kan 1,356 kuwa miliyan 10.8 ne. Dare ɗaya, ƙarin sama da miliyan uku, kaya ba su ƙaru da ko kwali ɗaya ba. Kuma sauran kuɗaɗen da ke rataye a jikinsa, irin su harajin VAT na kashi 7.5 da ƙarin kashi 7 da ake ɗorawa a kan kuɗin fiton a lokacin, duk tare suka tashi. Alhaji ya koma neman ciko. Ya sayar da motar gida, matarsa ta ba da sarƙarta. Ranar da kuɗin suka haɗu, farashin ya riga ya haura 1,400, sai da ya sake rancen wasu dubbai kafin ya biya.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san hujjar da ake bayarwa: gwamnati na son farashin dala ya zama ɗaya, kuma tana buƙatar kuɗin shiga. Na yarda. Amma mutumin da ya yi ciniki a Nuwamba, ya ƙulla alkawari da abokan hulɗa a kan lissafin Nuwamba, ta yaya zai san abin da zai biya a Fabrairu? Shi kansa Babban Bankin ya gane haka, domin ranar 23 ga Fabrairu ya fitar da sanarwa cewa a riƙa amfani da farashin ranar da aka buɗe Fom M. Ga Alhaji dai ihu ne bayan hari, ya riga ya biya.

To, an biya, sai duba kaya. A nan ne babbar matsalar ta fito, kuma wannan kam hannunsa ne ya jawo. Lokacin lodi a Sin, an cika fanka sai aka ga akwai sauran wuri a bakin kwantena. Wanda ke yi masa tafinta ya ce asara ce a biya kuɗin jirgi a ɗauko iska, a cike da fitilu masu caji. Aka zuba kwali sittin. Ba su cikin Fom M, ba su cikin rasiti, ba su cikin PAAR. Da aka fasa kwantena a gaban jami'ai, su ne farkon abin da ido ya gani.

Na tambaye shi, "Alhaji, ejan ɗinka ya san da fitilun nan?"

Ya ce, "Wallahi Malam ban gaya masa ba. Ni a ganina duk kayan wuta ne, kwali sittin a cikin kwantena guda me zai zama?"

A kasuwa ba komai ba ne, gyara ce. A takarda kuwa kaya ne da ba a bayyana ba. Kowane irin kaya yana da lambarsa a jadawalin haraji, fanka daban, fitila daban. Don haka aka rubuta masa takardar biyan ƙari, wanda shi ma ba shi ne tashin hankalin ba. Tashin hankalin SONCAP ce, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, wadda ake yi wa kayan lantarki tun a ƙasar da aka ƙera su kafin a loda. Tasa ta fanka ce kaɗai. Ejan ya ce a nemo takardun gwajin fitilun daga wanda ya sayar. Aka buga waya Guangzhou, shiru. Sabuwar shekarar Sin ta kama ranar 10 ga Fabrairu, masana'antu sun rufe, ma'aikata sun tafi garuruwansu. Sai ƙarshen wata aka samu mai ɗaga waya, shi ma ya ce fitilun ba nasu ba ne, a kasuwa aka sayo su.

Duk wannan jiran ba kyauta ake yinsa ba. Mita biyu ce ke gudu a kan kwantenar da ke zaune a tasha. Ta farko ta kamfanin jirgi ce, domin akwatin ƙarfen nasu ne, aro suka ba ka. Bayan 'yan kwanakin da suke yafewa sai su fara cajin abin da 'yan harkar ke kira dimarej. Ta biyu ta masu filin da aka ajiye ta ce, kuɗin ajiya. Kuma dukkansu hawa-hawa ne: kuɗin kwana ɗaya a mako na shida ya fi na mako na biyu nesa ba kusa ba, don a matsa wa mutane su kwashe kayansu. Babu ruwansu da dalilin jinkirinka. A takardun da Alhaji ya nuna mini shekaranjiya, biyun a haɗe sun kusa naira dubu 90 a kullum, jimilla ta haura miliyan uku. Kuɗin fitilun gaba ɗaya bai kai rabin haka ba. Kuma mitar kamfanin jirgi ba ta tsayawa ranar da kaya suka fita ƙofa, sai an dawo musu da kwantenarsu babu komai a ciki, ga Kano ga Legas.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk wannan yana faruwa a nisan kilomita kusan dubu daga mai kayan. Alhaji bai taɓa ganin kwantenarsa da idonsa ba sai a hoton waya. Abin da ejan ya faɗa shi ne labari, "gobe insha Allahu" ta yi mako uku. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, akwai ta Kaduna tun 2018, manufar ita ce ɗan kasuwar Arewa ya yi kiliyarin a gida, ya ga jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa ido da ido. Amma sai an rubuta tashar a takardun tun kafin a loda kaya, kuma da na tambayi Alhaji ya ce ko a hira bai ji wani a layinsu ya bi ta nan ba. Kowa Legas ya sani.

Yanzu zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya bi hanyar daidaita takardun fitilun a nan gida, da gwaji da tara, mita na ci gaba da gudu. Ko ya nemi a sauke kwali sittin ɗin ya haƙura da su, idan an amince, a sakar masa fankokinsa. Abokan kuɗin nasa sun rabu biyu, ɗaya ya ce ba zai yafe ko kwali ɗaya ba, ɗayan ya ce shi dai a fito da kaya kafin damina ta sauka fanka ta koma ajiya sai baɗi. Akwai kuma abin da ba wanda ke son ambata: kayan da suka wuce wa'adi a tasha ba a fitar da su ba, doka ta ba kwastan damar yin gwanjonsu.

Jiya bayan tarawi ya ce mini ya yanke shawarar barin fitilun, zai bi motar dare zuwa Legas ranar Asabar ya tsaya a kan maganar da kansa. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa raba kaya irin haka a Apapa, don Allah ya faɗa mana kwana nawa abin ya ɗauke shi da ofishin da ake fara zuwa, zan isar masa kafin ya tashi.