Awon Zafi da Cikakkun Lambobi

Wata ɗaliba ta haɗa ma'aunin zafi LM35 da guntun kwamfuta ATmega328P, wanda ba shi da sashen lissafin lambobi masu ɗigo. Sai ta bi dabarar ɗan kasuwa mai ƙirga kuɗinsa da kwabo maimakon naira: ta riƙa ƙirga zafi da ushirin digiri, wato 303 ta tsaya a madadin 30.3.

Ma'aunin yana ba da milibolt 10 a kowane digiri, guntun kuwa yana raba milibolt 5000 gida 1024. Da ya karanto 62, ta fara rabawa. Amsar 5000 ÷ 1024 ta zama 4, ragowar ta salwanta, allon ya nuna 24.8. Kuskure ne mai haɗari, domin ya yi kama da gaskiya.

Ta koma ta fara ninkawa, sai ga −1.7 a ɗakin da ake gumi. Ashe 310000 ta fi ƙarfin `int`, wadda iyakarta 32767 ce a wannan guntu. Daga ƙarshe ta faɗaɗa mazubin:

```c
t = ((uint32_t)adc * 5000 + 512) >> 10;
```

Ƙarin 512, rabin 1024, shi ke kai amsa ga lamba mafi kusa. Allon ya nuna 30.3.