Ranar da Tuwo Ya Kayar da Ni

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, yau ba nahawu na zo maka da shi ba. Labarin tuwo ne, kuma kada ka yi dariya sai ka ji ƙarshensa.

Cikin hunturun shekarar 2023 maiɗakina ta haihu, aka tafi da ita wanka gidansu. Aka bar ni a Dutsin-Ma da ƙannena biyu da wani almajiri da ke kwana a zaurena. Kwana uku maƙwabta suna aiko mana da abinci, rana ta huɗu kunya ta kama ni. Na ce a raina, tuwo ai gari ne da ruwa, me zai gagari mutumin da ya yi shekaru yana karatu?

Na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na juye garin masara gaba ɗaya, na kama tuƙi har na yi gumi. Minti 10 bai cika ba na ga ya yi tauri, na sauke. Da muka zauna ci, kowace loma ka gutsura sai ka tarar da busasshen gari a tsakiyarta. Yaran nan ba su ce komai ba, miya kawai suke lasa. Da safe na buɗe sauran don ɗumame, sai na iske ya saki, ruwa na kwance a ƙarƙashinsa, yana warin ɗanyen gari. Rabin tiya ya tafi ga akuyar maƙwabci, alhali da kuɗin koyarwa na auno masarar, yara kuma suka tafi makaranta cikinsu wayam.

Ranar Alhamis, da yake babu karatu, na hau mota zuwa Kurfi wurin gwaggona. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, ka yi rude?" Na ce a'a. "Ka bari talge ya dahu?" Na ce ban san shi ba. "To, ka bar shi ya sulala?" Na yi shiru. Ta ce, "Ɗan nan, ai ba tuwo ka yi ba, gari ka jiƙa da ruwan zafi. Tuƙi haɗa tuwo yake yi, ba ya dafa shi." Wannan kalma ita ce kan darasin duka.

Ita Gwaggo ba ta awo, idonta ne ma'auninta. Don haka na ɗauki kofi ɗaya ina auna duk abin da ta zuba. Ga abin da na samu: garin masara tankaɗaɗɗe kofi 4, ruwa kofi 10. Wato kowane kofi na gari yana shan ruwa kofi biyu da rabi. Wannan ya ishi mutum huɗu.

Ta zuba kofi 7 na ruwan a tukunya, ta bari ya tafasa sosai. Kofi 1 ta ɗora shi gefen murhu don ya zauna da zafinsa. Sauran kofi 2, mai sanyi, da shi ta dama gari kofi 1 har ya zama kamar ƙullun koko. Wannan shi ne rude. Idan akwai tsakin da ya rage a rariya bayan tankaɗe, da shi ake fara yi, domin ya fi gari jinkirin dahuwa.

Ka lura da dalilin ruwan sanyi. Busasshen gari in ya faɗa tafasasshen ruwa, bayansa ne ke dahuwa nan take, ya yi fata, ya hana ruwa shiga ciki. Gudajin da na ciyar da yara ke nan. Amma a ruwan sanyi gari ba ya kumbura, kowane ƙwayarsa tana jiƙa ita kaɗai, sai ta shiga wuta a warwatse.

Ta zuba ruden a hankali, hannu ɗaya na zubawa, ɗaya na juya muciya, har ya sake tafasa. Sai ta rufe, ta bar 'yar kafa don kada ya yi bori, ta koma gyaran kuka. Na duba agogo, minti 15 ta ba shi. Da ta buɗe, kumfar ta kwanta, farin nan ya dushe, ya yi kauri yana fal-fal. Ta ce, "Ka ga talge ya dahu. Tuwon da talgensa bai dahu ba, ba ya kwana." Ta kuma gargaɗe ni in tsaya gefe, don ɗigon talge yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwa.

Daga nan ta rage itace, ta shiga barbaɗa sauran kofi 3 da kaɗan-kaɗan. Ba ta ƙara wani sai na farko ya ɓace. Tuƙin ma ba zagaye kawai ba ne kamar yadda na yi. Tana jawo tuwon daga tsakiya, ta matse shi a jikin tukunya, ta juyo na ƙasa zuwa sama. Matsewar nan ita ke fasa gudaji tun suna ƙanana. Cikin minti 5 zuwa 7 ya haɗu.

A nan ne ni na sauke nawa. Ita kuwa sai ta huda tuwon da muciya wuri uku, ta zuba ruwan zafin nan kofi 1, ta rufe ruf, ta janye itacen ta bar garwashi. Kada ka manta, kashi uku cikin huɗu na garin yanzu ya shiga tukunya, bai ga wuta sosai ba. Tururin nan ne ke dafa shi. Minti 15 ya yi yana sulala, sannan ta sake tuƙawa har ruwan ya shige. Daga tafasar ruwa zuwa kwashewa, wajen minti 40 ke nan.

Yaya za ka gane ya dahu? Warin gari ya tafi, ƙanshi ya maye gurbinsa. Fuskar tuwon tana sheƙi, yana sakin jikin tukunya. Ka jiƙa yatsa ka taɓa, ba zai manne maka ba. Ka gutsuri kaɗan ka jefa a ruwan sanyi: in ya zauna dunƙule ya dahu, in ruwan ya yi fari ka mayar da murfi.

Na tambaye ta batun dawa, ko kaura ko farafara. Ta ce hanyar ɗaya ce, sai dai dawa ta fi son wuta, a ƙara wa talgenta kamar minti 5, kuma a sa ɗan ruwan kanwa tun a talge. Kaɗan fa, in ta yi yawa tuwon ya yi duhu, ya yi bauri. Awon nan nawa ma mafari ne kawai: garin da ya bushe ƙayau ya fi shan ruwa, wuta mai ƙarfi kuma tana ƙone ruwa da yawa. In tuwo ya yi tauri, ruwan zafi za ka yayyafa, ba na sanyi ba. In ya yi ruwa, ka ƙara gari kafin sulala, domin garin da aka ƙara bayanta ɗanye za a ci shi.

Ta kwashe da mara tana tsoma ta a ruwa, ta ba ni ƙanzo in riƙa ci a mota. Daren Juma'a na gwada a gida. Gudaji biyu na tsinta, ban ɓoye maka ba, amma da safe ɗumame ya yanku da wuƙa, almajirina har ya nemi ƙari.

Saboda haka, ɗalibi ko ɗaliba, in an aike ka madafi, ka riƙe waɗannan: kofi biyu da rabi ga kofi, rude da ruwan sanyi, minti 15 na talge, minti 15 na sulala. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.