Ciwon kan bazara: leda nawa za ka sha, kuma yaushe gishiri ke da amfani?

Idan kana zaune a Minna ka san yadda watan Maris da Afrilu suke. Kafin ƙarfe goma na safe kwanon ɗaki ya fara ƙara, da azahar zafi ya doshi digiri 40, da dare kuma in aka ɗauke wuta sai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, duk da cewa a jiharmu madatsun Shiroro da Kainji suke. A wannan lokaci ne ciwon kai ke yawaita, kuma kusan duk wanda ka yi wa ƙorafi abu ɗaya zai ce maka: sha ruwa da yawa, ka haɗa da gishiri da sukari. Shawarar tana da gaskiya a cikinta, amma ba duka ba. Ruwa yana maganin wani irin ciwon kai ne, gishiri kuwa mutane ƙalilan ne ke buƙatar ƙarinsa.

Ciwon kan rashin ruwa yana da kamanninsa. Yakan zo ne bayan ka daɗe a rana ko ka yi sa'o'i ba ka sha komai ba. Kan yana yin nauyi, sau da yawa duka ɓangarorin biyu, kuma yana ƙaruwa idan ka sunkuya, ka girgiza kai ko ka yi tafiya da sauri. Bakinka ya bushe, in ka miƙe tsaye jiri ya ɗan ɗebe ka. Shaidar da ta fi kowacce ita ce fitsari: in tun safe sau ɗaya ka zaga, kuma abin da ya fito kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ba madara, to jikinka yana tattalin ruwa ne. Fitsarin wanda ruwa ya ishe shi fari-fari ne mai ɗan ratsin rawaya.

Shaida ta biyu ita ce yadda ciwon ke tafiya. A shekarar 2004 wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, Joseph Blau, da abokan aikinsa suka bayyana mutanen da rashin shan ruwa ke sa wa ciwon kai. Yawancinsu ciwon ya sake su cikin rabin sa'a da shan ruwa, sauran kuma tsakanin sa'a ɗaya zuwa uku. Wannan ma'auni ne da za ka iya amfani da shi a gida. Ka shiga inuwa, ka sha leda ɗaya ta piya wata, wato rabin lita, a hankali, bayan minti ashirin ko talatin ka ƙara ɗaya. In sa'a uku ta wuce, ka yi fitsari ya washe, amma kan yana nan yana sara, to ka daina ɗura wa cikinka ruwa. Matsalar tana wani wuri.

Ƙanen maiɗakina yana aikin buga bulo a wajen Kpakungu, ta hanyar Bida. Duk bazara da ciwon kai yake dawowa gida, kuma rantsuwa yake yi cewa yana shan ruwa sosai. Wata rana na sa shi ya hau sikelin da muke da shi kafin ya fita: kilo 65. Da ya dawo bayan azahar, kafin ya ci komai, ya sake hawa da irin kayan da ya auna da safe: kilo 62 da rabi. Na tambaye shi abin da ya sha, ya ce leda huɗu.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ya sha lita biyu, duk da haka ya ragu da kilo biyu da rabi, ke nan abin da ya fita daga jikinsa ya kai lita huɗu da rabi, kusan duka ta hanyar gumi. Ba abin mamaki ba ne, domin mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda a sa'a, wani ma fiye. Giɓin da ya dawo da shi ya kusa kashi 4 cikin 100 na nauyin jikinsa, alhali tun daga kashi 2 mutum ke fara jin kasala da nauyin kai. Ba ƙarya yake yi ba da ya ce yana sha. Leda huɗu za ta ishi mai zama a ofis a ƙarƙashin fanka, shi kuwa ko rabin abin da ya zubar ba ta kai ba.

Abin da ya gyara masa lamarin shi ne sauya lokacin shan. Yanzu yana shan leda ɗaya kafin ya bar gida, sannan a wurin aiki leda ɗaya duk rabin sa'a zuwa minti arba'in, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji, domin mai aiki yakan shagala har ƙishin ya yi nisa. Ba a biyan bashin lita biyu da rabi a zama ɗaya. Hanji yana tsotse abin da bai wuce kimanin lita guda a sa'a ba, in ka kwankwaɗi fiye da haka sai ciki ya cika, tashin zuciya ya biyo baya. Ragowar giɓin ana cike shi ne daga la'asar zuwa dare, tare da abinci.

Sai maganar gishiri, inda nake ganin muna yawan wuce gona da iri. Gumi yana fita da gishiri, babu musu, farin zanen da kake gani a bayan rigar lebura ke nan. A kowace lita ta gumi akwai kimanin giram 1 zuwa 3, kuma jikin da ya saba da zafi yana rage yawan gishirin da yake saki. Ga mai bulonmu, lita huɗu da rabi na iya tafiya da abin da ya kai ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu. Irinsa yana iya buƙatar ƙari, musamman in ya wuni bai ci abinci ba, ko ya fara jin tsokar ƙafa da ta hannu na ɗaurewa. Amma ka tuna abin da ke cikin kwanon tuwonmu: gishiri, dunƙule biyu ko uku, daddawa, ga yaji a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma girkin gidajenmu ba ya wahalar kaiwa can. Malamin makaranta, tela, mai shago a Kasuwar Kure, uwargida a kicin, duk waɗannan ruwa zalla da abincinsu na kullum sun wadatar.

Na ga gidajen da ake kaɗa garin O.R.S. a sa a firji ana sha kamar zoɓo da zarar zafi ya shigo. An tsara shi ne domin mai gudawa da amai, wanda ke zubar da ruwa da gishiri tare, kuma a wannan aikin ya ceci yara masu ɗimbin yawa. Sai dai sinadarin sodiyam da ke cikin lita ɗaya tasa ya kusa kai adadin da aka yarje wa babba na yini guda cur. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da ya mayar da shi abin sha na kullum yana ƙara wa kansa nauyi ne. Wurin da ya dace shi ne ranar da aka yi gumi mai yawa ba a ci abinci ba, ko aka haɗa zafi da gudawa. In za a haɗa, a karanta jikin ledar, domin akwai ta lita ɗaya, akwai ta rabin lita. In babu shi, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato piya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe saman cokalin kada a yi tozo. Ka ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abin da ya kwana ya wuni a zubar.

Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan, sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa kusan babu. Kunun zaki, fura da nono mai ruwa-ruwa, kankana da gurji duk suna shiga lissafin ruwan da ka sha. Shi ma shayi yana shiga, sai dai wanda ya saba da shi kullum in ya bari kwatsam zai yi ciwon kai na kwana biyu ko fiye, wanda ruwa ba ya taɓawa. Wannan na cikin abin da ke damun mutane a farkon azumi, kamar na 2024 da ya faɗo a tsakiyar Maris da farkon Afrilu. Mai azumi a irin wannan yanayi ya fi cin riba in ya rarraba shansa daga buɗa-baki zuwa sahur, kofi-kofi, maimakon ya ɗura lita biyu ana gab da kiran assalatu, wadda yawancinta za ta fita a fitsari kafin hantsi.

Ga wanda ciwon kai ya zame masa abokin zama, ko da zafi ko da sanyi, kada ya sa ran ruwa zai raba su. An gwada wannan a ƙasar Holan, aka wallafa a 2012: an sa masu yawan ciwon kai su ƙara lita ɗaya da rabi a kullum na wata uku. Da dama sun ce sun ɗan ji daɗin jikinsu, amma yawan ranakun ciwon bai ragu ba. Haka batun ƙarin ruwa ta jijiya da wasu ke zuwa kemis suna nema da bakinsu. Muddin kana iya sha ba ka amayarwa, kofi ya yi maka abin da ledar za ta yi, ba tare da allura ba. In kuma za ka sha magani, farasitamol ya fi dacewa. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda leburori ke haɗiya kamar gyaɗa, suna takura wa ƙoda idan jiki ya bushe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin zafin nan shi ne kuma lokacin sanƙarau a arewacin ƙasar nan, kuma yana farawa ne da ciwon kai. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi mai zafi, wuya ya sage mutum ba ya iya kai haɓarsa ƙirji, haske na damun idonsa ko yana amai, ba a tsayawa gwajin sa'a uku, asibiti za a nufa nan take. Zazzaɓi da ciwon kai ko babu sagewar wuya na buƙatar gwajin zazzaɓin cizon sauro. Mace mai ciki da ya haura wata biyar, in kanta na sara, idonta na ganin dishi-dishi ko fuskarta ta kumbura, a auna jininta a ranar. Wanda kuma ya dawo daga rana jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, yana tangaɗi ko ya suma, zafin ne ya bugi ƙwaƙwalwarsa. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a ci gaba da hakan a cikin mota ko Keke har a isa Babban Asibitin Minna ko wanda ya fi kusa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai iya shaƙe shi.