Ruwan da ya wanke fuska, bai wanke lens ba

Lauya ce, shekararta 3 tana amfani da lens, wato ɗan siririn tabarau mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido. Wata rana ta je biki wani gari, ta manta ruwan maganin da ake jiƙa shi. Sai ta ɗauraye shi da ruwan famfon masauki ta mayar, gajiya kuma ta sa ta yi barci da shi.

Kuskure biyu ta yi, kowanne ya share wa ɗan'uwansa hanya. Koniya, tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, ba ta da jijiyoyin jini. Daga iska take samun iskar oksijin ta cikin hawaye. Idan fatar ido ta rufe, abin da take samu yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. Idan kuma lens na kanta, sai ta ƙara shaƙewa, ta kumbura, samanta ya yi rauni. Shi ya sa barci da lens ke ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8.

Ruwan famfo da na tanki kuwa, komai haskensu, suna iya ɗaukar wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba. Idan ta ji wuya takan dunƙule cikin kwasfa mai tauri wadda kulorin ɗin famfo ba ya kashewa. Lafiyayyen ido yakan kore ta da ƙiftawa da hawaye, amma lens yana ba ta wurin maƙalewa, ya danne ta a kan raunin har gari ya waye.

Bayan kwanaki idon ya yi ja. Ta ɗauka afolo ne, ta sayi maganin ɗigawa a kemis. Amma afolo ya fi zuwa da kwantsa da jin kamar yashi a ido. Ita kuwa zogi take ji wanda ya fi ƙarfin abin da madubi ke nuna mata, haske na sukar idon, gani na dusashewa. Sai a mako na 3 likitan ido ya kankaro ɗan samfuri daga koniyar, aka gano cutar.

Maganin ɗigo ne irin kuloheksidin, duk bayan awa ɗaya, dare da rana a kwanakin farko, sannan a ci gaba har tsawon watanni, domin kwasfar ba ta mutuwa da wuri. Ciwon ya warke, amma ya bar mata tabo, kuma har yau rubutun takardun kotu hazo-hazo yake a idonta na hagu.

Yanzu ta koma tabarau. Ƙanwarta mai sa lens kuwa takan cire shi kafin wanka da barci, ta busar da hannu bayan alwala kafin ta taɓa shi, ta zubar da tsohon ruwan magani maimakon ta ƙara sabo a kai, ta kuma sauya ƴar kwalbar ajiyar duk wata 3.