Ribar da Ta Cinye Uwar Kuɗi

Ƙanwata, wadda a gida muke kira Auta, ta fara sayar da shinkafa a ƙofar gidanmu da ke Faru a farkon shekarar 2023. Ta sayar da awakinta, ta haɗa da ɗan abin da Inna ta ƙara mata, ta shiga sahun masu zuwa sari kasuwar Talata Mafara duk ranar Talata. Shinkafa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarun 1970, noman rani ya zauna da gindinsa tsakanin Maradun da Mafara da Bakura, kuma shinkafa na cikin manyan abubuwan da ake shukawa. Saboda haka ba wanda ya yi shakkar cewa sana'ar za ta karɓe ta.

Lissafinta mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya ji shi zai gyaɗa kai. Buhu tiya 40 ne. Idan ta saro shi naira 80,000, kowace tiya ta kama mata naira 2,000. Ta sayar a 2,200, ke nan ta ci ribar naira 200 a kowace tiya. Da magariba takan ƙirga tiyoyin da suka fita, ta ware ɗari bibbiyunsu gefe guda, ta zuba adashi, ta sayi sabulu da katin waya da abin da ya rage. Sauran kuɗin kuwa ta ɗaure su a leda, ta ce uwar kuɗi ce, ba a taɓawa. A mafi yawan kwanaki ribar nan takan kai naira 1,000.

Na je gida a watan Agusta na wannan shekara, na tarar da ita cikin damuwa. Ta ce da ni, "Yaya, kullum ina cin riba, ban taɓa kwana ban ware ba. Amma da buhu guda nake ɗaukowa, yanzu ƙyar nake haɗa kuɗin tiya talatin. Ko dai hannu ake sa mini a leda?"

Wannan tambaya ce ta tayar mini da hankali, domin a gida irin namu zargi yana shiga da sauƙi, fitarsa ce da wuya. Akwai ƙanne, akwai matar wanmu, kuma kowa ya san inda ledar take kwana. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa wannan magana sai ta ba ni mako guda. Sharaɗina ɗaya ne: ta ci gaba da komai yadda ta saba, amma duk abin da ya shiga ko ya fita, kuɗi ne ko shinkafa, ta rubuta shi a littafi nan take. Aka yi sa'a ɗaukar adashinta ta zo a makon, ta cika kuɗi, ta sari buhu cikakke.

Abu na farko da littafin ya tona shi ne cewa buhun bai tsaya mata a naira 80,000 ba. Kuɗin motarta zuwa da dawowa 1,600 ne, kuɗin ɗora buhun a mota 900, ɗan dako 300, ledar ƙulli 400. Jimilla 3,200. Ba ta taɓa sa waɗannan a cikin kuɗin sari ba, domin a ranar Talata suke fita, a warwatse, riba kuwa a sauran kwanaki ake ƙirga ta. A da ba su da nauyi sosai. Amma tun da aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya yi sama, ga kuma halin tsaro da ya sa direbobin yankinmu ba su yarda da ragi a kan hanya. Don haka ainihin abin da buhun ya ci kafin ya sauka a zaure naira 83,200 ne.

Abu na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Buhun da aka ce tiya 40 ne bai ba ta tiya 40 na sayarwa ba. Da ta juye shi a tabarma, ta bakace, ta tsince tsakuwa da ɓuntu, ta sake aunawa da tata tiyar, sai ta sami 39. Sannan ga gyara. Auta mai sakin hannu ce, ba ta iya sallamar mai saye ba tare da ta ƙara masa tafi guda ba, kuma shi ya sa ake son awonta. Tafi guda ba ya ciwo a ido, amma idan aka yi shi sau da yawa a rana har kwana bakwai, sai ya tashi tiya. A ƙarshen mako tiya 38 ne kawai za a iya nuna inda suka tafi.

A nan ne na ce ta yi rabon da kanta. Ta raba 83,200 gida 38, ta sami kusan naira 2,190. Ta daɗe tana kallon lambar. Ashe tiyar da take zaton ta kama mata 2,000 ta kama 2,190 ne, ribar da take kira 200 kuwa ba ta wuce naira 10 ba. Ko da a ce duk tiya 38 ɗin an saye su kuɗi hannu, abin da za ta tashi da shi 83,600 ne, wato ribar naira 400 a wahalar mako guda.

To amma ba duka aka saya ba. Ranar Juma'a an yi baƙi, Inna ta ce a auno tiya guda a ɗora tukunya, kuma ba wanda ya yi tunanin biya, domin kayan gida ne. Wannan tiya kaɗai ta mayar da ribar 400 zuwa faɗuwar 1,800. Daga cikin 37 da suka rage, biyu bashi aka ɗauka, naira 4,400 da ke hannun maƙwabta. Bashi ba asara ba ne muddin za a biya, amma ba ya shiga mota ya je Mafara ya sari shinkafa. Kuɗin da suka shigo hannunta a zahiri 77,000 ne, kuma daga cikinsu ta riga ta ware 7,400 a matsayin riba, ɗari biyu sau 37, har da na tiyoyin da ba a biya ba. Abin da ya rage a ledar da ba a taɓawa 69,600 ne.

Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ashe ni ce ɓarauniyar."

Na ce mata ba sata ba ce, kuskuren suna ne. Ta kira wani yanki na uwar kuɗinta riba, ta zuba shi a adashi, bayan makonni ya dawo mata dunƙule, ta yi murna ta cika jari da shi. Kuɗinta ne ke zagayawa, suna raguwa a kowane zagaye, kuma zagayen nan shi ne ya hana ta gani da wuri.

Sauran darasin kasuwa ce ta koya mana shi a Talatar da ta biyo baya. Buhu ya koma 84,000. Ba abin mamaki ba ne, domin damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙaranta, sabo bai iso ba, kuma daga baya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a wannan wata na Agusta ta haura kashi 25 cikin ɗari. Wannan ya nuna mana cewa ko lissafinmu na 2,190 bai cika ba, domin ya dubi abin da aka biya jiya ne. Mai sayar da awo ba ya sayarwa don ya tashi daga kasuwa, yana sayarwa ne don ya koma ya sake saro irin abin da ya sayar. Sabon buhu da kuɗin hanyarsa 87,200 ne, wato kusan 2,295 a kowace tiya. Duk tiyar da ta ba da a 2,200 cikin makon da ya wuce, ta ba da ita ne ƙasa da abin da za ta mayar da gurbinta.

Shi ya sa na ce ta bar ƙirga naira, ta ƙirga tiya. Ta fita da kuɗin tiya 40 makon jiya. Yau, bayan ta cire kuɗin hanya daga 69,600, abin da ya rage ya isa tiya 31 da rabi ne kawai a farashin 2,100. Wannan gwaji ba ya buƙatar ilimin akanta, kuma hauhawar farashi ba ta iya ruɗa shi. Idan kin sayar da buhu, kin koma kin ɗauko buhu irinsa, kin biya mota, sannan wani abu ya rage a hannunki, to wannan abin shi ne riba. Kafin haka, duk abin da kika ware aro ne daga jari.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, domin farashi ba a hannunta yake ba. Da za ta ɗaga tiya ita kaɗai, masu saye za su wuce gidan gaba. Sai ta nemi ragi a inda take da iko. Ta haɗa kai da wasu mata uku masu irin sana'arta, ɗaya ke zuwa Mafara ta saro wa kowa, kuɗin motarta ya sauko daga 1,600 zuwa 400. Ta rage gyara, ta bar ta ga mai sayen tiya uku ko fiye. Inna da kanta ta yanke hukunci cewa tukunyar gida za ta riƙa biya kamar kowa. Bashi kuwa, ba a ƙara wa mutum sabo sai ya sauke tsoho. Sannan duk Talata da hantsi takan buga waya ta ji yadda buhu ya tashi, ta gyara farashin ragowar da ke gabanta a ranar, ba ta jira sai sabon kaya ya iso ba. A lokacin maƙwabta ma sun kai tiya 2,300. A lissafin buhu cikakke, abin ya koma haka: 86,000 sun fita, kusan tiya 39 sun kawo 89,700, riba 3,700 a mako, wato ɗari biyar da 'yan kai a rana. Rabin abin da take faɗa a da ke nan, amma wannan na gaskiya ne, kuma ba ta ware shi sai daren Talata, bayan sabon buhu ya shigo gida.

Akwai abin da littafin nan ba ya iya yi, kuma na faɗa mata. Bai sa wa wuninta a ƙofar gida farashi ba, don haka ita ce za ta auna ko ɗari biyar ta isa ladan zaman. Kuma idan kaka ta yi, sabuwar shinkafa ta cika kasuwa, abin juyawa yake yi: farashi ya faɗi, wanda ya tara tsohon kaya mai tsada shi ne ke kuka. A wannan lokaci hikima ita ce a sari kaɗan, a sayar da wuri.

Ranar da zan koma, na ga littafin a kan buhu, biro a ɗaure da zare a jikinsa. A saman kowane shafi ta ja layi ta rubuta adadin tiyar da jarinta zai iya saya a wannan makon. Matar wanmu tana gefenta tana taya ta ƙulla leda, ba ta san an taɓa zarginta ba, kuma in Allah ya yarda ba za ta sani ba.