Turmi Uku da Ba Su Zo Ba

Na tashi a shagon atamfa na kawuna a Gusau, a shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, wato wajen 1996. Kayanmu daga Kantin Kwari suke zuwa, daga hannun wani dattijo da muke kira Alhaji, wanda suka daɗe suna hulɗa da Kawu. Yawanci ba a biyan kuɗin duka. Kawu kan ba da wani abu, a rubuta sauran a littafi, sai an sayar a kai ciko. Ba mu da wayar hannu a lokacin, domin sai a 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya, kuma ko bayan ta shigo ta ɗauki lokaci kafin ta kai hannun irinmu. Saboda haka duk abin da ke tsakanin shagonmu da na Alhaji, takarda ce ke ɗauke da shi, direba kuma ke ɗauke da takardar. Da yake ni ne mai ɗan ilimin boko a shagon, karɓar kaya da rubuta amsa suka zama aikina.

Abu na farko da Kawu ya koya mini shi ne, karɓar kaya iri biyu ce, kuma ba a haɗa su. Akwai karɓa daga hannun direba, akwai karɓa daga hannun mai kaya. Direba bai san abin da ke cikin ƙulli ba. An ba shi ƙulli huɗu a ɗinke a Kano, ya biyo ta Gwarzo da Malumfashi da Funtuwa da Tsafe, abin da ke wuyansa shi ne ya sauke ƙulli huɗu a ɗinke kamar yadda ya ɗauka. Don haka kafin 'yan dako su ɗaga komai daga tasha, sai na ƙirga ƙullin, na duba sunan Kawu da lambar da aka rubuta da tawada a jikin kowane buhu, na zagaya ɗinkin da yatsa, na duba ko ruwa ko man mota ya taɓa wani gefe. Idan akwai abin faɗa game da hanya, a nan ake faɗarsa, a gaban direba da ɗan kamasho. Da zarar ka sallami mota ka bar tasha, bakinka ya mutu a kan wannan.

Duba ɗinki shi ne ilimin da ya fi yi mini amfani. Yaron da ya ɗaure kaya a Kwari da basilla ɗaya da igiya ɗaya yake aiki, tazarar ɗinkinsa kusan ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma yakan danne kayan sosai har buhun ya yi tauri. Ƙullin da aka buɗe a hanya yana tona kansa. Za ka ga tsofaffin hudar basilla babu igiya a ciki, ko igiyar ta canja launi a tsakiya, ko kusurwa ɗaya ta yi sako-sako tana lotsawa idan ka danna. Idan kuwa ɗinki lafiya yake, buhu a cike tam, amma ƙirga bai cika ba, to tun wajen ɗauri aka samu giɓin. Wannan bambancin ne ke nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ta tasha ko ta Kano.

Karɓa ta biyu a cikin shago ake yin ta, kuma Kawu yana da ƙa'idoji a kanta da ba ya sassautawa. Ba a buɗe kaya mutum ɗaya. Ba a buɗe ƙulli biyu lokaci guda. Ba a sayar da ko turmi ɗaya daga sabon kaya, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu, sai an gama ƙirga. Ni nakan riƙe takardar kaya, ɗan'uwana yana jera turamen goma-goma a kan tabarma, kowane zane da jerinsa, Kawu yana zaune yana kallo. Ba yawan turame kaɗai muke dubawa ba. Muna duba bakin zanen mu ga ko samfurin da aka rubuta ne, domin ƙirga kan cika alhali an saka mai araha a madadin mai tsada. Mukan kuma ware turmi ɗaya ko biyu mu auna, mu tabbata yadi shida ne cif.

Akwai wata karɓa da ban manta ba, ana saura 'yan makonni ƙaramar salla. Takarda ta ce turmi 200 a ƙulli huɗu, hamsin-hamsin, kowane ƙulli da zane biyar, kowane zane turmi goma. Na farko ya cika, na biyu ya cika. Da muka buɗe na uku sai muka samu 47. Zane huɗu sun cika goma-goma, amma wani shuɗi mai ganye bakwai ne kawai. Ɗan'uwana ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu.

“Ku bar shi a gefe yadda yake,” in ji shi. “Ku buɗe na huɗu tukuna. Sau nawa abin da ya ɓace a wannan buhu yake kwance a wancan?”

Muka buɗe na huɗu, hamsin daidai, babu shuɗi ko ɗaya a ciki. Muka sake ƙirga na ukun, wannan karon ni na jera, ɗan'uwana ya riƙe takarda. Har yanzu 47. Kawu ya ɗauki buhun da kansa ya juya shi, ya bi ɗinkin da ido, ya ce a naɗe shi tare da igiyarsa a ajiye, kada a ba kowa ya zuba gawayi. Sannan ya aika a kira maƙwabcinmu mai sayar da shadda, ya ga jerin da idonsa.

Na ce, “Kawu, turmi uku a cikin ɗari biyu, kuma ga yadda kuke da Alhaji, ba za a ga kamar ƙanƙanta ba ce a yi magana?”

Ya ce, “Ɗana, ribar da ke kan turmi ba ta da yawa. Ukun nan sai mun sayar da kusan talatin kafin mu mayar da kuɗinsu. Amma ba wannan ne babba ba. Littafin Alhaji yanzu yana cewa ɗari biyu, namu yana cewa ɗari da casa'in da bakwai. Idan muka yi shiru, ranar biyan ciko ko dai mu biya abin da ba mu karɓa ba muna ƙunci a zuci, ko mu rage kuɗi ya ji kamar mun ƙirƙiro zance. Gara a faɗa yau, tun yaransa ba su manta ɗaurin ba.”

Ya ce in ɗauko biro da takardar kabon, domin kowace wasiƙa sai mun ajiye kwafinta. Ga abin da ya shifta mini, gwargwadon yadda na riƙe shi:

“Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Kaya sun iso mu yau Talata da la'asar, ƙulli huɗu, a ɗinke, babu jiƙa babu yagewa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ƙulli na ɗaya da na biyu da na huɗu sun cika hamsin-hamsin kamar yadda aka rubuta, kuma kayan sun yi kyau. Ƙulli na uku mun samu arba'in da bakwai. Shuɗi mai ganye ne ya zo bakwai maimakon goma. Mun ƙirga sau biyu a gaban shaida, ɗinkin buhun kuma lafiya yake, mun ajiye shi. Don Allah a duba wajen yara ko ukun sun rage a shago. Mun rubuta ɗari da casa'in da bakwai a littafinmu kafin mu ji daga gare ka. Allah ya ƙara arziki, ya bar zumunci.”

Sai da na girma na fahimci yadda aka gina wasiƙar nan. Ta fara da abin da ya iso, domin shi ne abin da mai kaya ya fi ƙosawa ya ji, kuma shi ne mafi yawa. Mutumin da ya tura dukiyarsa bashi zuwa wani gari yana da haƙƙin a fara kwantar masa da hankali. Sannan ta faɗi giɓin da adadi, da lambar ƙulli, da sunan zane, ba “kaya ba su cika ba” kawai ba, wanda ba ya ba kowa abin bincike. Maganar ɗinki ta wanke direba, don kada Alhaji ya ɓata lokaci yana neman mai mota. Ba ta ce an rage ba, ba ta ambaci sunan wani yaro ba, ta ce a duba ko sun rage a shago. Kuma ba ta yanke hukunci ba. Kawu bai ce ya cire kuɗi ba, ya faɗi abin da ya rubuta, ya bar wa mai kaya ya zaɓi hanyar gyara.

Washegari da asuba na kai wasiƙar tasha na ba direban da ke komawa Kano. A cikin makon amsa ta zo. Alhaji ya sa an ƙirga ragowar wannan zanen a shagonsa, aka samu rarar turmi uku. Ashe ana cikin ɗauri wata mai saye ta nemi ganin shuɗin, aka zaro mata daga jerinmu, ba ta saya ba, aka mayar da su kan kanta. Ya tambaya ko a cire kuɗinsu daga ciko ko a haɗo su da kaya na gaba. Kawu ya zaɓi a cire, domin kafin wani kaya ya zo cinikin salla ya wuce. Na buɗe littafi na rubuta ranar da adadin a gaban lissafin, aka rufe maganar.

Da mun jinkirta wata guda, da Alhaji ya sayar da ukun nan cikin sauran kaya ba tare da ya sani ba, babu kuma sauran hanyar gano gaskiya. Abin da zai rage shi ne maganar wani a kan ta wani. Na ga haka ta faru da wasu a layinmu, inda ake ƙarewa da raba asara biyu, kowa yana ganin shi aka cuta. Haka nan wannan hanya ba ta warware komai ba. Idan ɗinki ya nuna an taɓa, magana ta koma tasha, wajen shugabannin direbobi, kuma can ba kasafai ake samun kaya su dawo ba. Ko a nan ma sai mun rubuta wa Alhaji, amma don ya sani ne, ba don ya biya ba.

Abin da ya sa Alhaji bai yi jayayya ba, ina ganin, ba wasiƙar kaɗai ba ce. Akwai lokutan da ƙulli ya zo da rarar turmi ɗaya ko biyu, kuma wasiƙa iri ɗaya Kawu ke sa ni in rubuta, da lambar ƙulli da sunan zane, a ƙara kuɗin a kan bashinmu. Wanda ya saba ba da labarin rara, ba a tuhumarsa ranar da ya ba da labarin giɓi.

Yanzu ina da nawa shagon, kuma waya ta sauƙaƙa abubuwa. Yarana kan ɗauki hoton ɗinki kafin su yanke igiya, su tura saƙo kafin mota ta bar gari. Sai dai sauƙin ya zo da gaggawa. Sau da yawa yaro zai kira dila yana faɗa tun bai buɗe ƙulli na ƙarshe ba, ko ya tura saƙon murya mai tsawo da babu adadi ko ɗaya a ciki. Shi ya sa ba na barin kowa ya kira dila ko ya tura masa saƙo sai an buɗe duka, an ƙirga sau biyu, an rubuta a littafi. Bayan nan sai a tura saƙo a ranar, a rubuce, a fara da abin da ya iso da godiya, a bi da abin da ya gaza da adadinsa, a bar wa mai kaya ya duba nasa ɓangaren.