Yini Guda a Shagon Hayar Kujeru da Rumfa a Gwammaja

Ranar wata Juma'a da la'asar, a ƙarshen watan Mayu, na isa shagon. Yana kan wani ɗan titi a Gwammaja, cikin ƙaramar hukumar Dala a Kano, kuma ba sai an yi maka kwatance mai tsawo ba, domin tun daga nesa za ka hango kujerun roba an jibga su ɗaya cikin ɗaya, sun kusa taɓa kwanon baranda. Shagon kansa ɗaki ɗaya ne, babu komai a ciki sai benci, da tebur, da littafi mai bangon kwali wanda ya sha maiƙon hannu. Dukiyar tana waje da kuma wani kango da ke baya, inda aka jingine ƙarafan rumfa a bango, aka naɗe tamfol aka ɗora a kan katako don kada ƙasa da ɓera su ci shi.

Mai shagon dattijo ne mai ƙarancin magana, yaransa suna ce masa Alhaji. Abin da na fara lura da shi, ko da yana gaisawa da mutum idonsa na kan jerin kujeru, leɓensa na motsi. Ƙirga yake yi. A nan ba a lissafin kujera da ɗaiɗai, da dozin ake yi, kuma kowane jeri 12 ne cif, ta yadda in an ga jeri guda ya gaza 'yan'uwansa tsawo an san akwai wadda ba ta dawo ba. A bayan kowace kujera an ɗiga jan fenti, an kuma ƙona harufa biyu da ƙarfe mai zafi. Fentin don a gane ta daga nesa ne, ƙunar kuwa don wanda zai kankare fenti. Babban biki yakan haɗa kayan masu haya biyu ko uku a ƙofar gida ɗaya, ga kujerun duk farare, galibi ma kamfani ɗaya ya buga su, to in babu shaida rigima ce za ta tashi a wajen kwasa.

Ina zaune wani magidanci ya iso a kan babur, ya yi sallama, aka yi masa barka. Matarsa ta haihu Asabar ɗin da ta wuce, don haka gobe suna. Yana son kujeru dozin 10 da rumfa biyu. Alhaji bai ce masa e ko a'a ba, sai da ya buɗe littafi. Daga baya ya bayyana mini dalili: mai biki ya san ranarsa tun watanni, yakan zo ya ba da kafin alƙalami a rubuta sunansa, amma mai suna kwana bakwai kawai gare shi, kuma yawanci sai a kwana na biyar ko na shida yake tuna kujera, bayan ya gama da rago da goro da dabino. In sunan ya faɗo Talata, kaya na nan jibge. In ya faɗo Asabar ko Lahadi, ya haɗu da masu ɗaurin aure da walima da yinin biki. Mafi tsanani shi ne watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son kai amarya kafin azumi, sai kuma makonnin bayan sallah da hutun ƙarshen shekara.

Tambayoyin da ya yi wa magidancin su suka nuna mini cewa sana'ar ta wuce miƙa kaya da karɓar kuɗi. Ya tambaye shi faɗin layinsu, da ko kwalta ce ko ƙasa, da ko ƙofar gidan gabas take kallo ko yamma, da ko an gaya wa mai unguwa da maƙwabta za a tare hanya. Babbar rumfarsa ƙafa 20 ce ta kowane ɓangare, tana ɗaukar kujeru kamar dozin huɗu in an jera su sahu-sahu aka bar hanyar wucewa, in kuwa za a sa tebura sai adadin ya ragu zuwa wajen dozin uku. Layin mutumin bai kai wannan faɗi ba, saboda kwata ta cinye gefe guda. Sai aka koma ga mai ƙafa 10 a faɗi da 20 a tsawo, guda biyu, a jera su bi da bi. Kujeru dozin huɗu ke nan za su sami inuwar rumfa, sauran shida su zauna a fili. Alhaji ya ce wannan ba matsala ba ce, domin raɗin suna da sanyin safiya ake yi, maza su taru bayan asuba a yi addu'a a raba goro a watse kafin rana ta yi zafi. Masu bukatar rumfa da gaske mata ne da za su yini, su kuwa da la'asar inuwar katangar yamma za ta rufe rabin layin. Da ni ne mai shagon, ina jin da na tura masa rumfa ta uku na karɓi kuɗina.

Sun yi ciniki a kan abu uku daban-daban: kuɗin kujera a dozin, kuɗin rumfa har da ɗaurawa da kwancewa, da kuɗin dako. Na ƙarshen nan shi ya fi jawo ja-in-ja, kuma Alhaji ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 haka abin yake, har wani lokaci kuɗin kurkura zuwa unguwa mai nisa yakan kusa kamo kuɗin hayar kanta. Shi ya sa sana'ar ta zama ta unguwa: kowa na neman mai haya na kusa da shi, wanda yaro zai iya tura kayan a kura. Aka rubuta adadi a littafi, aka faɗa wa mutumin a gaban shaida cewa abin da ya karye ko ya ɓata shi zai biya.

Washegari na bi yaran tun kafin kiran sallah na biyu. Su huɗu ne. A ƙasa suke fara haɗa ƙarafan sama, su zura wannan cikin wancan har siffar jinka ta fito, sannan su ja tamfol a kai su ɗaure shi da igiya ta cikin ramukan bakinsa. Sai biyu su ɗaga gefe guda, biyu su zura ƙafafu, a koma ɗaya gefen. Kafin a ɗaga, babban cikinsu ya haska fitilar waya sama ya bi wayoyin wuta da ido. A tsofaffin layuka wayoyin nan a sake suke, suna reto daga wannan gida zuwa wancan, ga shi rumfar duk ƙarfe ce, kuma rashin wuta a lokacin da ake ɗagawa ba ya hana a kawo ta kafin a sauke. A inda waya ta yi ƙasa sai suka matsar da rumfar gaba kaɗan, mai gida yana ƙorafin ta kauce wa ƙofarsa, ba su kula shi ba.

Sun daɗe a kan jan tamfol, har na ƙosa. Ashe nan aikin yake. In aka bar shi da sako-sako, ruwan sama yana taruwa a tsakiya ya yi tumbi, nauyinsa ya lanƙwasa ƙarfe ko ya yaga ɗinki, ya juye a kan mutane. Ana gane wanda aka ja da kyau in an buga shi da tafin hannu daga ƙasa aka ji ya amsa da ƙarfi, bai yi lumu-lumu ba. Amma a wannan wata ba ruwa suka fi tsoro ba, iska ce. Hadarin farkon damina a Kano da guguwa yake zuwa, ƙura ta turnuƙe gabas, kafin ka ce kwabo iska ta shiga ƙarƙashin rumfa ta ɗaga ta kamar lema. Tun da layin daɓen siminti ne, babu wurin kafa turke, sai suka ɗaure ƙafa biyu da ƙarfen taga, sauran suka ɗaura musu bulo bibbiyu. Suka kuma ja kunnen ƙanen mai gida cewa in ya ga gabas ta yi ja, kada ya sa yara su riƙe ƙafafun, ya tashi mutane ya kwance igiyar tamfol kawai. Ƙarfe tsirara iska ba ta da abin kamawa a jikinsa.

Kafin ƙarfe bakwai layi ya cika. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mahauta suka ja rago gefe. Zuwa tara maza sun watse, sai ga yaran sun dawo sun kwashe dozin huɗu, kamar yadda aka yi sharaɗi tun jiya, suka wuce da su wurin wani ɗaurin aure na ƙarfe sha ɗaya. A nan ribar take. Kuɗin hayar kujera guda ɗan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin sayenta, sai ta fita sau da yawa kafin ta mayar da uwar kuɗi, saboda haka kujerar da ta halarci taro biyu a yini ɗaya ta fi wadda ta kwana a gidan biki tana jiran a tashi daga barci.

Da rana na koma kangon, na tarar da wani yaro yana tantance kujeru. Ya nuna mini yadda ake gane wadda ta kusa mutuwa. Rana ce ke kashe roba: launinta ya koɗe, in ka shafa ka ga farin gari a yatsa, to ta bushe, ranar da mai jiki ya jingina da baya za ta tsage. Wurin dubawa shi ne inda ƙafar baya ta haɗu da mazauni, in an ga wani farin layi kamar zare, karaya ta fara. Tayil ma maƙiyinta ne, don ƙafafun suna zamewa su buɗe, shi ya sa wasu ke haɗa biyu ga babban baƙo. Wadda ta tsage a hannu ko a baya ana ɗinke ta da waya mai zafi ta koma zaman shago, wadda ta karye a ƙafa kuwa sai 'yan jari bola, a kilo. A gefe guda ga wata mata tana wanke fararen rigunan kujera da ake sa wa na walima. Ta ce man ja da zoɓo su ne masu wahalar fita.

Hadarin ya haɗu da yamma, ya yi ruri, ya wuce bai zubar ba. Bayan isha'i muka koma kwasa. Dozin shida ya kamata a tarar, wato 72. Aka jera, aka sami 65 lafiyayyu da biyu karyayyu, saura biyar. Babban yaron bai ɗaga murya ba, ya tambayi inda aka yi girki, domin ya san mata masu tuƙa tuwo da kwasa su ke jan kujera zuwa bakin murhu. Huɗu suna can gidan maƙwabta, ɗaya har wuta ta lashi ƙafarta. Ta biyar ba a gan ta ba. Mai gida ya rantse bai san inda ta shiga ba, kuma na yarda da shi, don ko lokacin da aka sauke kayan da asuba yana ciki yana alwala, ƙanensa ya ce a ajiye kawai bai ƙirga ba.

Alhaji ya yafe masa mai ƙunar, ya karɓi kuɗin biyun da suka karye, ya ba shi kwana uku ya nemo ɗayar. Mai karatu, in hidima ta same ka, tsaya da kanka a ƙirga kayan a gabanka ranar da aka kawo, ka kuma sa mutum ɗaya ya tattara su kafin magariba.